Abin da ke sa bayan hoto ya narke

A ɗakin taron biki na zamanin nan, hoton amarya iri biyu ake ɗauka a lokaci guda. Ƙawayenta sun ɗaga wayoyi, mai hoton da aka ɗauko kuma yana durƙushe can gefe da kyamararsa. Washegari idan aka jera hotunan, bambancin ba ya ɓuya. A na waya ga amarya, ga kujerun roba, ga kulolin abinci, ga yaron da ya leƙo ta bayan labule, kowa ya fito garau. A na mai hoto kuwa amarya ce kaɗai ta fito raɗau. Duk abin da ke bayanta ya narke, fitilun ado sun koma ƙwallaye masu laushi, idon mai kallo ba shi da inda zai sauka sai kan fuskarta.

Wasu sukan ce tsadar kyamara ce ta yi haka, wasu su ce aikin kwamfuta ne. Gaskiyar maganar ita ce abu uku ne ke aiki: faɗin ƙofar da haske ke shiga, girman farantin da ke karɓar hasken a cikin kyamara, wanda masu sana'a ke kira sensa, da kuma nisan da ke tsakanin mai hoto da wanda ake ɗauka da abin da ke bayansa. Ukun nan ba darajarsu ɗaya ba. Na farko shi ne ginshiƙi, na biyu yana aiki ne ta hannun na farko, na uku kuma kyauta ne, amma shi aka fi wofintarwa.

Gilashin kyamara, wato lens, ba ya iya saita nisa biyu a lokaci guda. Idan ka saita shi a kan idon mutumin da ke mita 2 daga gare ka, abin da ke daidai mita 2 ne kaɗai yake fita cikakken garau. Kunnensa da ke ɗan baya da hancinsa da ke ɗan gaba duk sun fara dusashewa, sai dai dusashewar ba ta kai yadda ido zai lura ba. Wannan ɗan fili na gaba da bayan wurin saiti, inda ido bai isa ya kama dusashewa ba, shi za mu kira zurfin saiti. Ba katanga ba ce da garau ke tsayawa a jikinta cak. Dusashewa tana ƙaruwa ne sannu a hankali, mutane ne suka ja layi suka ce daga nan ido ya fara gani. A kyamara mai babbar sensa, layin da aka saba ja shi ne ɗigon haske kada ya bazu fiye da milimita 0.03 a kan sensar, kuma an yi lissafin ne da hoton da aka wanke a takarda matsakaiciya, ana kallonsa a hannu. Wanda zai buga hoton a ƙaton allo, ko ya ja shi da yatsu biyu a waya yana duba gashin ido, zurfin da zai gani bai kai na lissafi ba.

Me ya sa abin da ke baya yake dusashewa tun farko? Akwai gwajin da kowa zai iya yi yana zaune. Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka daidaita shi da wani abu can nesa, kamar ƙofa ko bishiya. Rufe idon hagu ka duba, sannan ka rufe na dama ka duba. Za ka ga abin da ke nesa yana tsalle daga wannan gefen yatsan zuwa wancan, domin idanun biyu ba daga wuri ɗaya suke kallo ba. Gilashin kyamara ma haka yake. Gefensa na hagu yana kallon duniya daga wani wuri, gefensa na dama daga wani wuri dabam, haka samansa da ƙasansa da duk abin da ke tsakani. Saiti shi ne a sa duk waɗannan kallace-kallacen su haɗu a kan abu ɗaya, a ce idon amarya. A kanta sun yi ittifaƙi, don haka ta fito garau. A kan fitilar da ke bayanta kuwa sun saɓa, kowane ɓangare na gilashin ya ajiye fitilar a wani wuri kaɗan dabam da na ɗan'uwansa, sai ɗigo ɗaya ya bazu ya zama da'ira. Idan ƙofar tana da faɗi, saɓanin ya yi yawa, da'irar ta yi girma. Idan ƙofar 'yar ƙarama ce, kusan daga wuri ɗaya ake kallo, komai sai ya fito garau.

Lambar da ke ruɗa mutane

A cikin gilashin akwai wasu siraran faifai da ke buɗewa su tsuke, su ne ƙofar haske. Ana nuna girmanta da lambobi irin su f/1.8, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8 da f/16. Abin da ke fara ruɗa mai koyo shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dalili kuwa rabawa ake yi. Harafin f yana nufin tsawon gilashin, wato lambar milimita da aka rubuta a jikinsa, kamar 50mm ko 85mm. Idan ka raba tsawon da lambar da ke ƙasa, ka sami faɗin ƙofar kamar yadda ake hango ta ta gaban gilashin. Gilashi mai milimita 85 a kan f/1.8 ƙofarsa ta kai milimita 47. Shi ɗin dai a kan f/8 bai wuce milimita 11 ba.

Nan ne asirin yake, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe: lambar f ita kaɗai ba ta faɗa maka yadda baya zai narke. Faɗin ƙofar na zahiri, a milimita, shi ke faɗa. Akwai ma wata ƙa'ida mai daɗi da ba a cika koyar da ita ba. Fitilar da ke can nesa sosai a bayan mutum, idan ta narke ta zama da'ira, girman da'irar nan in ka auna ta da jikin mutumin da aka saita a kansa daidai yake da faɗin ƙofar gilashin. Wato idan ƙofa milimita 47 ce, ƙwallon hasken zai bayyana a hoton kamar an riƙe wani faifai mai faɗin milimita 47 kusa da kumatun amarya, ya fi idonta faɗi. Da wannan ƙa'ida kaɗai mutum zai iya hasashen hoto tun kafin ya ɗauka.

Yanzu mu koma ga waya. A takardar bayanin wayoyi da yawa za ka ga an rubuta f/1.8, lamba ɗaya da ta gilashin mai hoton biki. To amma tsawon gilashin irin waɗannan wayoyi na zahiri bai cika wuce milimita 4 da ɗoriya ba. Raba 4.3 da 1.8, ka sami kimanin milimita 2.4. Ƙwallon hasken da wayar za ta yi, in an auna da fuskar amarya, bai wuce ƙwayar gero ba. Ina za a ga ƙwayar gero a hoton da ya ɗauko mutum daga ɗankwali zuwa ƙirji? Lambar iri ɗaya ce, amma ƙofar kyamara ta ninka ta waya faɗi kusan sau ashirin. Ko manyan wayoyin da aka sa wa sensa mafi girma, ƙofarsu ba ta cika wuce milimita huɗu zuwa biyar ba.

Inda sensa ta shigo

Sensar da ake ɗauka a matsayin ma'auni tana da milimita 36 a tsawo, 24 a faɗi. Ta gaji wannan girma ne daga fim ɗin da kyamarar Leica ta Oskar Barnack ta fito da shi kasuwa a 1925, kuma ita masu hoto ke kira ful-firem. Ƙasa da ita akwai APS-C, mai kimanin milimita 23.5 da 15.6, ta Canon kuma ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Ita ce a cikin yawancin kyamarorin da matasa ke fara sana'a da su. Sai Micro Four Thirds da Olympus da Panasonic suka fito da ita a 2008, mai milimita 17.3 da 13. Ta wayoyi da dama kuwa ba ta wuce kimanin milimita 6 da 4 ba.

Sau da yawa za ka ji ana cewa babbar sensa ita ke narkar da baya. Maganar ba ƙarya ba ce, amma an tsallake tsani guda. Sensa ba ta narkar da komai, karɓar abin da gilashi ya zuba mata kawai take yi. Abin da girmanta ke yi shi ne ya tilasta maka zaɓen tsawon gilashi. A ce kana tsaye mita 2 daga amarya, ka riƙe kyamara a tsaye, kana son hoto daga kai zuwa ƙirji. Da ful-firem, gilashi mai milimita 85 ne zai ba ka wannan yanka. Da APS-C, daga wurin nan dai, mai milimita 56 kake buƙata, domin ƙaramar sensa tsakiyar hoton kaɗai take kamawa. Da Micro Four Thirds kuma mai milimita 42 ko 43. To sa dukkansu a kan f/1.8 ka raba. Na farko ƙofarsa milimita 47, na biyu 31, na uku kimanin 24. Yanka ɗaya, wuri ɗaya, lamba ɗaya, amma ƙwallon haske ya ragu da rabi daga na farko zuwa na uku.

Wannan yana nufin ƙaramar sensa za ta iya kamo babba idan aka ba ta ƙofa mai faɗi. Kamfanin Fujifilm yana da gilashi mai milimita 56 a kan f/1.2 don kyamarorinsa na APS-C. Raba 56 da 1.2, sai ga milimita 47 ta dawo, kuma hotonsa a wajen narkewa kusan ba ya bambanta da na 85 a kan f/1.8 a ful-firem. Hanyar da ta fi sauƙi wajen kwatanta kyamarori ita ce ka ninka lambar f da yawan ninkin da ful-firem ta fi sensarka: ɗaya da rabi ga APS-C, biyu ga Micro Four Thirds, kimanin shida ga wayar da muka ambata. Da haka f/1.8 na waya, ta fuskar zurfin saiti, daidai yake da kusan f/11 na babbar kyamara. Ta fuskar saitin haske kuwa f/1.8 yana nan a f/1.8, ba za ka canza gudun shata saboda wannan lissafi ba.

Mai APS-C da ya ɗaura gilashin 85 ɗin kansa fa? Zai ga fuska ta cika hoton, dole ya ja da baya zuwa mita 3 kafin ya sami yankan da yake so. Fitilun nesa za su ci gaba da zama ƙwallaye masu milimita 47, tunda ƙofar ba ta canza ba. Abin da zai canza shi ne zurfin saiti, daga kimanin santimita 6 zuwa 9, kuma abin da ke kusa da bayan amarya ba zai narke kamar da ba.

Nisa, wanda ba a saye da kuɗi

Nisa iri biyu ne, kuma kowanne da aikinsa. Na farko shi ne tsakaninka da wanda kake ɗauka. Zurfin saiti yana bin wannan nisa da gaggawa: in ka ninka nisan sau biyu, zurfin ya ninku kusan sau huɗu. Da gilashin 85 a kan f/1.8 a ful-firem, a mita 1 zurfin bai kai santimita 2 ba, a mita 2 kimanin santimita 6 ne, a mita 4 ya kai kusan 24. Narkewar baya ma tana bin sa. Ƙwallon nan mai milimita 47 girmansa a jikin mutum ba ya canzawa, amma yawan filin da ya ci a hoton yana canzawa. A hoton kai da ƙirji, wanda faɗinsa ya ɗauki kimanin santimita 54, ƙwallon ya ci kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na faɗin. Ja baya zuwa mita 5 don ɗauko amarya daga kai har takalmi, sai ya koma kashi ɗaya cikin talatin. Shi ya sa hoton tsayuwa ba ya taɓa narkewa kamar hoton fuska, ko da gilashi ɗaya aka ɗauke su. Shi ya sa kuma waya ma take narkar da baya idan ka kusanto da ita santimita 10 daga zobe ko zanen lalle a yatsu: hoton gaba ɗaya bai fi faɗin tafin hannu ba, milimita 2.4 ta zama abin gani.

Na biyu shi ne nisan da ke tsakanin mutum da abin da ke bayansa. Ƙa'idar da muka faɗa ta fitilar da ke nesa sosai ce. Abin da ke kusa ba ya samun cikakken girman, wani kaso yake samu. Lissafin kason ba wuya: raba nisan bango daga mutum da nisan bango daga kyamara, ka ninka da faɗin ƙofa.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Ga matashin da ya fara ɗaukar hoton biki da kyamarar APS-C da gilashin da ake haɗo ta da shi, mai zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55, wanda ƙofarsa ke f/3.5 a gajeren gefe, f/5.6 a dogon gefe. Ya tsayar da amarya rabin mita daga bangon da aka yi wa ado, kamar yadda kusan kowa ke yi. Tunaninsa na farko shi ne ya koma 18 saboda a can ne ƙaramar lamba take. Amma 18 a raba da 3.5 milimita 5 ne kacal, 55 a raba da 5.6 kuwa kusan milimita 10 ne. Don haka dogon gefen ya fi, duk da lambarsa ta fi girma. Ya zuƙo zuwa 55, ya tsaya mita 2 daga amarya. Bango yana rabin mita daga ita, mita biyu da rabi daga kyamara, kaso ɗaya cikin biyar ke nan. Kowane ɗigo a bangon zai bazu milimita 2 ne kawai. Kowace ƙusa, kowane ɗinkin labule, duk za a gan su.

Yanzu ya roƙi amarya ta tako gaba har sai bango ya koma mita 6 a bayanta, shi ma ya ja baya ya riƙe mita 2 ɗinsa. Shida a raba da takwas kashi uku cikin huɗu ne, bazuwar ta haura milimita 7. Ya ninka narkewar kusan sau huɗu bai kashe ko kwabo ba. A ce kuma ya tara kuɗi ya sayi gilashin milimita 50 mai f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kasuwa, ƙofarsa milimita 28. In ya bar amarya jikin bango kamar da, bazuwar milimita 6 ce. Wato tsohon gilashi da tsayuwa mai kyau ya ɗara sabon gilashi da tsayuwar jikin bango. In ya haɗa biyun, sabon gilashi da bango a mita 6, sai ya sami milimita 21, ninki goma na inda ya faro.

Ribar matsawa daga bango tana da iyaka. Matakan farko su ne masu tsoka: idan bango ya yi nisa da mutum daidai da nisan mutum daga kyamara, an sami rabin narkewar da gilashin zai iya bayarwa. In ya ninka haka sau uku, an sami kashi uku cikin huɗu. Daga nan ƙarin kaɗan-kaɗan ne, ba sai an fitar da amarya bakin titi ba. Dogon gilashi mai araha ma yana da nasa amfani da nasa sharaɗi. Mai milimita 250 a kan f/5.6 ƙofarsa ta kai milimita 45, kusan ɗaya da na 85 mai tsada. Sai dai don samun kai da ƙirji a APS-C sai ka tsaya kusan mita 9, kuma tunda ka yi nisa, bayan ma sai ya yi nisa ƙwarai kafin ya narke. A fili ko a lambu wannan dabara tana ci, a tsakar gida ba ta ci.

Akwai wani bambanci da ya kamata a tsaya a kansa, domin ko ƙwararru sukan gauraya shi. Zurfin saiti dabam, narkewar baya dabam. Ɗauki gilashin 50 da na 85 a kyamara ɗaya, duka a f/1.8, ka matsa gaba ko baya har fuskar ta zama girma ɗaya a hotunan biyu. Zurfin saitinsu kusan ɗaya ne, kimanin santimita 6 a ful-firem. Amma fitilun nesa milimita 28 ne a na farko, 47 a na biyu. Darasin da ke ciki babba ne ga mai aiki: idan kana son fuska ta fito duka garau, hanci da kunne, amma baya ya narke, kada ka ƙara buɗe ƙofa. Ɗauki gilashi mai tsawo, ka ja baya, ka tsuke ƙofar zuwa f/2.8 ko f/4. Gilashin 200 a kan f/4 ƙofarsa milimita 50 ce, zurfinsa kuma ya ninka na f/1.8 fiye da sau biyu a yanka iri ɗaya.

Inda ake yin ɓarna

Ɓarnar da ta fi yawa tana zuwa ne ranar da mai hoto ya sami sabon gilashi ya ƙi sauka daga f/1.8. Santimita 6 ba yawa gare ta ba, kuma a irin wannan kusanci kusan rabi tana gaba, rabi tana baya, wato santimita 3 kowane gefe. Amarya ta ɗan juya kai, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya dushe. Kyamara ta kama bakin mayafi ko ƙarshen hanci maimakon ido, hoton ya tafi. Mai hoto ya saita, sannan ya ɗan sunkuya gaba kafin ya danna, shi ma ya isa. Ƙaramin allon bayan kyamara ba ya nuna irin wannan, sai an zuƙo hoton a kan idon da ya fi kusa da kyamara an duba tun ana wurin, domin ba a maimaita ranar biki.

Hoton ango da amarya ya fi wannan haɗari. A ce ango yana tsaye santimita 20 a bayan kafaɗarta, kai kuma kana mita 3 da gilashin 85 a ful-firem. A f/1.8 zurfin duka kimanin santimita 13 ne, abin da ke bayan idonta bai kai 7 ba, ango ya fita daga ciki. Kafin ya shigo sai ka sauka zuwa f/5.6, inda zurfin ya kai kusan santimita 42. Wannan zai rage ƙofar zuwa milimita 15, bayan ya rage narkewa. In ba ka son wannan asara, gyara tsayuwarsu: a jera fuskokin biyu a nisa ɗaya daga kyamara, kai kuma ka tsaya daidai gabansu, ba a karkace ba. Hoton dangi mai sahu biyu ko uku kuwa ba wurin neman narkewa ba ne sam. Kaka da ke zaune a gaba da jikan da ke tsaye a baya duk suna da haƙƙin a gane fuskarsu.

Idan hoto ya fito dishi-dishi, akwai hanyar gane musabbabin. Bincika ko akwai wani abu da ya fito garau a cikinsa. In ɗan kunne ko aikin wuyan riga ya fito tsaf amma ido bai fito ba, saiti ne ya sauka inda bai dace ba, ko zurfi ya yi kaɗan. In babu abin da ya fito garau ko ɗaya, kuma ƙananan fitilu sun ja layi maimakon su yi da'ira, hannu ne ya girgiza, maganinsa kuma ƙara gudun shata.

Rana ma tana da nata sharaɗin. Buɗe ƙofa yana ƙara haske, kowane mataki daga f/16 zuwa 11, 8, 5.6, 4, 2.8 har 2 yana ninka shi sau biyu. A tsakar rana mai ƙarfi, a ISO 100, f/16 yana tafiya da shata 1/100, don haka f/1.8 yana neman kusan 1/8000. Ƙananan kyamarori da yawa a 1/4000 suke tsayawa, sai farar shadda ta ƙone, aikin da ke jikinta ya ɓace. Mafita ita ce a koma inuwa, ko a ɗaura baƙar filta mai rage haske, irin ND8 da ke rage shi ninki takwas. Masu ɗaukar fim sun fi kowa buƙatarta, saboda su shatarsu a 1/50 take zama idan suna ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa. A ɗaya gefen kuma, tsuke ƙofa har f/16 ko f/22 yana rage wa hoto kaifi gaba ɗaya, kuma a nan ne ƙurar hunturu da ta kwanta a kan sensa take bayyana kamar ɗige-ɗige a sararin sama.

Wayoyi sun nemi hanyar zagaye ƙaramar ƙofarsu. Tun daga iPhone 7 Plus a 2016 tsarin Portrait ya yaɗu: waya tana ƙiyasta nisan abubuwa, ta ware mutum, sannan ta shafa wa sauran dusashewa da lissafi. Yana yin kyau sau da yawa, amma ƙiyasi ne, kuma ana kama shi a gefuna. Duba bakin mayafi mai shara-shara, ko ƙafar tabarau, ko ɗan filin da ke tsakanin hannu da ƙugu, za ka ga inda aka ci wani yanki na mutum ko aka bar wani yanki na bango garau. Shi ma yana gyaruwa da dabarar nan ta nisa: idan mutum ya rabu da bango sosai, kuma launin kayansa ya bambanta da na bayansa, wayar ba ta cika kuskuren yanka ba.

A ganina, an fara wuce gona da iri wajen son narkakken baya, har ana auna ƙwarewar mai hoto da shi. Akwai hotunan da bayansu rabin labarin ne. Seydou Keïta na Bamako ya yi suna ne da hotunan da zanen yadin da ya rataya a baya yake fitowa tare da zanen tufafin mutanensa. A California, masu hoton da suka haɗu a 1932, cikinsu har da Ansel Adams da Edward Weston, sun sa wa ƙungiyarsu suna f/64 saboda son komai ya fito garau daga gaba har baya. Wanda ya je hawan sallah ya narkar da ƙofar fada da sahun mahaya da 'yan kallo, ya bar fuskar mahayi ɗaya, ya ɗauko hoton da ba za a san a wane gari aka yi shi ba. A irin wannan wuri lissafin nan ɗin dai ake juyawa: gajeren gilashi, tsukakkiyar ƙofa, da ɗan ja baya. Gilashin milimita 24 a kan f/8 a ful-firem ƙofarsa milimita 3 ce, kuma idan aka saita shi a mita biyu da rabi, komai daga kimanin mita ɗaya da kwata har iyakar ganin ido zai fito garau.